Injin Baba Ba Ya Shan Yawun Kowa

Baba da Baffa ciki ɗaya suka fito, amma tun da na buɗe ido ban taɓa ganin sun yarda da abu ɗaya ba. In Baba ya ce hadari ya haɗu, a ranar Baffa zai shanya barkono a kan rufin kantinsa. In Baffa ya ce miya ta yi gishiri, Baba zai aika a ƙaro. Baba ne babba, akawu ne a ofis, yana da biro uku a aljihun gaba ko ranar da ba aiki. Baffa ne ƙarami, yana da kanti a bakin kasuwa. Gida ɗaya muke a Liman Abaji, zaure ɗaya, Kaka ɗaya a tsakiya tana raba faɗa da sandarta.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, Keffi ta rikice. Wanda jiya yake aron keke, yau ya sayi babur. Wanda ya sayi babur ya sayi rediyo ya ɗaure a bayansa. Baba ya hau mota ya tafi Jos, ya dawo da injin ban ruwa mai shan fetur, ja wur, sabo fil. Bai kwana uku a zaure ba Baffa ma ya hau mota. Ya dawo da irinsa sak, launi ɗaya, girma ɗaya, har ƙarar iri ɗaya. Don kada a rikita su, Baba ya ɗaura wa nasa koren ƙyalle a hannu, Baffa ya rataya wa nasa tsohon makulli.

Lambunmu yana bakin rafin Antau. Ƙasa-ƙasa fadama ce, an raba ta biyu, rabin Baba albasa, rabin Baffa tumatir da alayyafo. Daga nan ƙasa take tashi, tana hawa, tana hawa, har ka fara tuna zunubanka, sannan ka iso kan tudu. Tudun nan ba wanda ya so shi. Tsakuwa ce da gidan tururuwa. Ranar da na ce ni ma a yanka mini wuri, Baba ya nuna can sama da biro ya ce, "Ga naka can. In ka noma dutse ka kawo mini ɗanɗano."

Na karɓa. Ni da Kaka muka dasa lemu a can. Ita ta samo dashen a wurin wata ƙawarta, ni na haƙa ramuka har tafin hannuna ya zama kamar bayan kada. Kaka tana kirana maigidanta, ni ina kiranta uwargida, kuma kullum tana cewa auren nan namu ba riba, miji ba ya kawo cefane. Na ce ta jira lemu. Ta ce haƙoranta ba za su jira ba. Na ce lemu ba ya bukatar haƙori.

Da damina ba matsala. Da farkon rani ma Baba ya yi mini alheri, ya ba ni tsofaffin bututun ƙarfe da aka cire a wani gini, na jera su daga bakin rafi har kan tudu, na ɗaure gaɓoɓin da robar tayar keke. Lokacin rafi a cike yake. In aka tayar da injin Baba, ruwa yana isowa sama siriri kamar hawayen mai kukan ƙarya, amma yana isowa. Sai rani ya yi nisa, Antau ta ja da baya, ta yi ƙasa, har muka haƙa rami a cikin yashi muna saka tiyon tsotsa. Tsawon da ruwa zai hau ya ƙaru. Wata safiya na tayar da inji, na ruga sama, na tsuguna a bakin bututu. Shiru. Na sa kunne. Sai wani ƙadangare ya leƙo daga ciki, a bushe, ya gyaɗa mini kai.

Na sauko ina ƙwanƙwasa bututun da dutse. Inda babu ruwa yana ƙara kamar gwangwani, inda akwai ruwa ƙarar a toshe take kuma ƙarfen da sanyi. A gindin wata ɗorawa, can kusa da sama, ƙarar ta canza. Na sassauta gaɓar da ke ƙasa da ɗorawar, ruwa ya tsirto. Na sassauta ta samanta, ko ɗigo. Ruwan ya hau har nan ya tsaya cak, kamar jakin da ya ga gada. Na ƙure wutar inji, ya yi kuka kamar za a yanka shi, ruwa bai wuce ɗorawa ba. Na roƙi Baffa aron nasa. Ya ba ni da murna, don kawai a ce nasa ya yi abin da na Baba ya kasa. Shi ma a gindin ɗorawa ya sauke kaya.

Daga nan na koma jaki. Kullum bayan makaranta in buɗe gaɓar ɗorawa, in tari ruwa a garwa, in hau da shi. Wuyana ya shige cikin kafaɗa har malamin lissafi ya tambaya ko an canza masa ɗalibi. Duk da haka ganyen lemu ya fara naɗewa, na can gefe sun fara zubarwa.

Ana cikin haka wani mai buga bulo daga Angwan Iya ya ga tudun. Lokacin kowa gini yake yi, bulo ya fi nama tsada. Mutumin yana da tumbi wanda yake riga shi shiga zaure, sai an gama gaisawa da tumbin sannan shi ya iso. Ya ce tudun ya yi masa, bakin hanya ne, zai tumɓuke 'yan itatuwan nan ya share wuri, ruwa kuma da tanka zai riƙa kawowa. A ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Baba ya ce to, Baffa ma ya ce to. Da na san a kaina za su shirya, da ban yi ta yi musu addu'ar shiri ba.

Kaka ta buga sanda a ƙasa. Ita ba ta kiran sunan Baba, ɗan fari ne, ba ta ma kallonsa in tana magana, sai ta fuskanci bango ko ta aiki wani. Ta dube ni ta ce, "Maigida, gaya wa mutumin ofis, lemun nan ni na dasa."

Baba yana zaune kusa da ita har gwiwarsu na gogar juna. Na juya na ce, "Baba, an ce in gaya maka..."

"Na ji, ja'iri." Ya gyara hula. "A gaya wa Inna, itace ba ya rayuwa da garwa. In ruwa ya hau tudu da kansa, lemu ya zauna. In bai hau ba, mai bulo ya zo ya auna."

"Injuna biyu ne a gidan nan," in ji Kaka. "Auta, kai da wancan, ku haɗa su."

Haɗa su ya ɗauki mako ana shawara, kamar za a ɗaura auren 'yar sarki. A ƙarshe aka yarda za su tsaya kafaɗa da kafaɗa a bakin rami, ba wanda ya fi wani kusa da ruwa, kowanne da tiyon tsotsarsa. Wani mai walda a Jigwada ya yi mana ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa, bakin fitar ruwan kowane inji ya shiga reshe ɗaya, su haɗu a bututu guda. Baffa har da zare ya auna, don kada reshen Baba ya fi nasa tsawo.

Aka fara gwadawa a fadama. Wayyo! Ruwa ya fito kamar an fasa madatsa. Bai kai ninki biyu cif ba, don bututun ɗaya ne kuma siriri, yawan ruwan yana matsuwa a ciki, amma ya isa ya kwashe kunya biyu na albasar Baba ya kai su cikin tumatirin Baffa. Ba wanda ya yi fushi. Baba yana dariya, Baffa yana dariya, har suka kusa tafawa, sai suka tuna.

"Wannan ruwa," in ji Baba, "ba tudu ba, ko hasumiya zai hau."

Aka ɗaura gwafar a bututun tudu. Aka ja igiya, aka ja igiya, duka biyun suka ɗauka, aka ƙure musu wuta. Na ruga sama, Kaka tana biye da ni a hankali tana kiran sunan Allah a kowane taki. Na tsuguna a bakin bututu. Na jira. Na ƙara jira. Ƙadangaren nan ya sake leƙowa, wallahi shi ne, na gane shi da guntun wutsiya.

Na sauko da dutsena ina ƙwanƙwasawa. Ɗorawa. Wuri ɗaya, gaɓa ɗaya, ko taki bai ƙaru ba. A ƙasa kuwa injuna biyu suna ta ihu, suna shan fetur, ba inda ruwa yake zuwa. Na taɓa cikin na Baba inda ruwan yake juyawa, ya yi ɗumi kamar ruwan wankan jego, don ruwa ɗaya yake ta kaɗawa a wuri ɗaya.

"Naka ne ragon," in ji Baba.

"Yaya, nawa ne yake ɗauke da naka. Ji muryarsa."

"Muryar me? Tari yake yi."

Suka kashe, kowa ya ɗauki nasa. Mai bulo ya aiko cewa ranar Lahadi da la'asar zai zo da igiyar awo.

Ni kuwa na ce sai na ga inda maƙiyina yake kwana. Washegari, maimakon darasin rana, na bi ta bayan katangar makaranta na tafi wurin da mai bulo yake kai kaya, wani bene da ake ginawa a hanyar tasha. Niyyata in tsaya in harare shi har ya ji a jikinsa. Bai ma zo ba. Sai na zauna a kan yashi ina kallon leburori suna hawar da kwaɓaɓɓen siminti. Mutum uku a ƙasa, kowa ya ɗaga daro iya tsawon hannunsa. Ko su zama talatin a jere, daro talatin za su ɗaga, amma ba wanda zai wuce tsawon hannu. Abin da yake kai daro sama shi ne mutumin da ke tsaye a kan katako, ya karɓa daga hannun na ƙasa, ya ɗora nasa tsawon a kai, ya miƙa. Daro ɗaya ne dai yake tafiya, bai zama biyu ba, amma ya je inda mutum ɗaya ba zai kai shi ba.

Na miƙe tsaye har na taka wa wani birkila cokalin gini. Injunan nan kowanne yana da iya tsawon da zai tura ruwa, kuma tsawon nasu ɗaya ne. Mun jera su a gefen juna, sun ba mu yawa. Mu kuwa tsawo muke nema.

Bayan magariba na same su a zaure, kowa da kwanonsa, kowa ya ba wa ɗan'uwansa rabin baya. Na durƙusa na yi bayani tiryan-tiryan. Na ce inji ɗaya ya tsotso daga rafi, ya tura a bakin tsotsar na biyu, na biyun ya karɓa ya ƙara nasa ƙarfin a kai. Na ce ruwan ba zai yi yawan na ranar gwafa ba, kusan na inji ɗaya ne, amma zai hau kusan ninkin inda ya tsaya.

Baba ya ajiye loma. "Tsaya. Wanne ne zai sha daga rafi, wanne ne zai sha daga bakin wani?"

"Duk ɗaya ne, Baba."

"A gidan uban wa duk ɗaya ne? A gidan nan wa yake fara sa hannu a kwano? Injina ba ya shan yawun kowa, balle na ƙanena."

"To naka ya zauna a rafi, na Baffa ya karɓa."

"Ato," in ji Baffa, yana lashe yatsa. "Nawa ne zai kai ruwa sama ke nan. Na Yaya ya zama ɗan dako, yana miƙo mini."

Baba ya kusa ƙwarewa. "Ɗan dako? Ni?"

"Ni ma fa ban ce na yarda ba," in ji Baffa. "In sha abin da wani ya tofar? Da kuɗina na sayi injina, ba sadaka aka ba ni ba."

Haka suka rufe ƙofa ta gaba da ta baya. Babu mai shan yawu, babu mai dako. Baba ya nuna ni da cokali ya ce in na kuskura na haɗa bakin injinsa da na wani, sai na manta yadda ake zama a kan kujera. Baffa ya ce shi ma zai ƙara nasa a kai. Na ce a raina, to ga shi kun iya jerin gaba da baya in a kan bayana ne.

Na shiga ɗakin Kaka ina huci. Tana murza goro a magogi. Ta ce, "Maigida, na ji komai. Kai me ka gani?"

"Uwargida, zan haɗa su."

"Za su dake ka."

"Su daka. Baya yana warkewa, lemu in ya mutu ya mutu."

Ta ajiye magogi. "Ran Lahadi da safe suna da ɗaurin aure a ƙauye, mota ɗaya za su shiga, Allah ya jiƙan direba. Makullin ɗakin injuna yana ƙarƙashin tulu. Ni ban gaya maka ba."

Ranar Lahadi, ƙurar motarsu ba ta kwanta ba na fito da baro. Na kai inji na farko bakin rafi, na dawo na kai na biyu. Abu na farko da na yi a bakin rafi, na kwance koren ƙyalle, na cire tsohon makulli, na cusa su a aljihu. Na rufe ido na zagaya injunan har jiri ya ɗebe ni, don ni ma kada in san na wa ye na wa. In an matsa mini da tambaya, ba na son in yi ƙarya.

Da farko a ƙasa na haɗa su, duka biyun a bakin rami. Guntun tiyo daga bakin fitar na farko zuwa bakin tsotsar na biyu, wani tiyon daga na biyu zuwa bututun tudu. Na ɗura wa na farko ruwa, na tayar da shi, na jira ruwa ya cika cikin na biyu har ya tsirto ta ramin ɗuri, na toshe, sannan na tayar da na biyun. Na ba su wuta. Na ji bututu yana rawa, tiyon da ke bayan na biyu ya kumbura, ya yi tauri kamar cinyar ɗan dambe. Ina cikin yaba kaina, sai fau! Robar ɗaurin ta tsinke, tiyo ya fizge, ruwa ya same ni a ƙirji. Na tashi sama. Na ga rufin gidanmu, na ga kasuwa, ina jin na hango motar su Baba a hanya suna gardama. Na sauka a cikin alayyafon Baffa.

Na tashi ina dariya da laka a baki. Inji ɗaya bai taɓa tsinka robar nan ba, biyu a gefen juna ma ba su tsinka ta ba. Ƙarfin ya haɗu ke nan, kuma duk ya taru a wuri ɗaya, a gaɓoɓin ƙasa da na ɗaure da robar keke. In na sake ɗaurewa, wata gaɓar ce za ta fashe. Sai na tuna mutumin kan katako. Ai ba a ƙasa yake tsaye ba.

Na ɗora na biyu a baro na fara hawa. Ban kai shi ɗorawa ba, don a can ruwan na farko ya riga ya gaji, ba abin da zai miƙa. Na tsaya wajen rabin hanya, inda in ka buɗe gaɓa ruwa yake fita da ƙarfinsa. Na share wuri, na kafa shi da duwatsu, na raba bututun biyu na sa shi a tsakani. Lokacin da na gama, rana ta karkata, cikina yana kiran sunan tuwo. Kaka ta iso ta wuce ni, ta hau sama ta zauna a gindin lemu mafi girma, ta buɗe lema.

Na sauka na tayar da na ƙasa. Na hau da gudu, na jira ruwa ya iso ya cika na sama, na toshe, na ja igiya. Zumuɗi ya sa na ƙure masa wuta gaba ɗaya. Sai ya fara wata ƙara kamar an zuba masa tsakuwa a ciki, guntun tiyon da ke shigar masa da ruwa ya shafe kamar cikin mai azumi. Yana neman ya ja fiye da abin da na ƙasa yake miƙo masa. Na rage wuta kaɗan-kaɗan har tiyon ya cika ya koma daidai, tsakuwar ta yi shiru.

Na ɗauki dutse na bi bututu. Toshe, toshe, toshe. Na iso ɗorawa. Na ƙwanƙwasa samanta. Toshe! Ban ƙarasa ba na ji guɗa daga kan tudu. Kaka, wadda take cewa ba ta da numfashin hawa matakalar zaure, ta rangaɗa guɗar da ta tashi tsuntsaye daga kan ɗorawa. Na iso na tarar ruwa yana bulbulowa, kaurin hannuna, yana bin 'yar hanyar da na haƙa tun farkon rani. Ƙadangare yana kan dutse a jiƙe, ya juya mini baya.

Ruwa ya kai layin lemu na biyu ke nan sai ga su. Baba da Baffa da manyan riguna, daga ɗaurin aure ko gida ba su biya ba, tumbin mai bulo a gaba, mai bulo a baya da igiyar awo. Sun wuce inji a rafi, sun wuce inji a rabin tudu. Na gani a fuskarsu.

"Kai!" in ji Baba. "Wanne ne nawa?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ka sani ba?"

Na fito da ƙyalle da makulli na ajiye a kan dutse. "Na cire, na rikita su. Ko an yanka ni ban sani ba."

Baffa ya karkata kunne wajen gangare. "Na saman nan nawa ne. Ji yadda yake tafiya sumul."

"To naka ne mai shan yawu," in ji Baba.

Baffa ya ɗaga hannu. "A'a, tsaya. Na ƙasan ne nawa."

"Ɗan dako ke nan."

"Yaya, kai wanne ka zaɓa?"

Baba ya kau da kai daga Baffa. Ya juyo kaina, don ni ne abin da ya fi sauƙi. Ya nuna bakin bututu. "Inji biyu, fetur biyu, ruwan inji ɗaya? Ina ruwan da muka gani ranar gwafa?"

"Yana gindin ɗorawa, Baba, yana jiranku. Wancan ya fi yawa, wannan ya fi hawa. Kai ka ce in ruwa ya hau da kansa lemu ya zauna. Ba ka faɗi yawansa ba."

"Ni kake mayar wa magana?"

"Maganarka ce nake mayar maka, ban taɓa ta ba."

Mai bulo ya yi gyaran murya ya ce shi dai an yi da shi, ya fara warware igiya. Bai lura ba ruwa ya zagayo ta bayansa. Takalminsa mai tsini, sabo, ya nutse har idon sawu. Kaka ta fuskanci itacen lemu ta ce, "Maigida, gaya wa mutumin ofis, a gaban uwarsa ya yi magana. Gaya wa baƙo kuma ya ɗaga ƙafa, yana tare wa lemuna ruwa."

Baba ya daɗe yana kallon ruwan yana shiga gindin itace, ƙasa tana shanyewa tana ƙara kamar ana soya wani abu. Sannan ya ce wa mai bulo ya yi haƙuri, magana ta canza. Baffa ya ce shi dama tun farko bai so ba. Mai bulo ya naɗe igiyarsa, ya zaro takalmi da hannu, ya bi tumbinsa suka gangara.

Dukan dai na sha shi, ba zan ɓoye ba. Baba ya yi nasa don na taɓa masa inji, Baffa ya karɓa daga inda ya tsaya. Kwana biyu a tsaye na yi darasi, na ce wa malami maruru ne. Da Baba ya tambaye ni ko na tuba, na ce na tuba da tsinka roba. Ya ce sauran fa? Na ce sauran in an sake zan sake. Ya ɗaga hannu, Kaka ta yi tari a ɗaki, ya mayar da hannun ya sosa ƙeya.

Yanzu da safe injunan suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa a kan gwafa, su cika fadama kafin rana ta yi zafi, don a can yawa ake so kuma ba hawa. Da yamma in tura ɗaya a baro zuwa rabin tudu. Ƙyalle da makulli suna cikin kwallar Kaka, ta ce duk mai so ya zo ya karɓa a hannunta, har yau ba wanda ya je. Baba yana gaya wa mutanen ofis cewa injinsa ne yake kai ruwa kan tudu. Baffa yana gaya wa masu sayayya cewa nasa ne yake shan ruwan rafi na fari. Ni ba na gyara wa kowa.

Lemu uku na can gefe ba su tashi ba, sun riga sun bushe. Sauran sun yi sabon ganye, babban har ya yi fure. Kaka ta ce in ya nuna, na farko nata ne, sadakin da ban biya ba. Na biyu kuma na yi niyyar in kai wa Baba ofis, in ajiye masa a kan tebur kusa da biro, tunda shi ya ce in na noma dutse in kawo masa ɗanɗano.